Kafin ka tura amsar lissafi, ka tambayi gonar

A yankin noman rani na Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, takarda ba ta cika shiga mota ba a 'yan shekarun nan, hotonta ake turawa. Takardar awon gona, rasidin taki, rubutun da ke jikin kwalbar maganin ciyawa, ɗan lissafin da malamin gona ya yi a bayan kwali, duk sai a ɗora waya a kansu a ɗauka, a aika wa ɗa ko ƙane da ke karatu a Kwalejin Abdu Gusau ko yake aiki a Gusau, a ce ya duba ya faɗi buhu nawa za a saya. Tsadar kuɗin mota ta sa haka, halin da hanyoyinmu suke ciki na rashin tsaro ya ƙara sa haka. Ban ga aibu a wannan ba. Abin da ke damuna shi ne yadda wanda aka tura wa hoton yake karanta lamba, ya danna kalkuleta, ya mayar da amsa cikin minti biyu, bai tsaya ya tambayi kansa ko abin da ya samu zai iya yiwuwa a gonar da ya sani tun yana yaro ba.

Ra'ayina shi ne duk wanda aka damƙa wa hoto don ya yi lissafi, amana biyu ya ɗauka. Ta farko ya yi lissafin daidai, kuma yawancin yaranmu suna iya wannan. Ta biyu ya tabbatar amsar ta yi kama da gaskiya, ta hanyar kintace da duba ma'auni, kuma a nan ne ake faɗuwa. Kalkuleta ba ta san shinkafa ba. Abin da ka ba ta shi za ta ninka, ko da ɗigon da ke gaban lamba ya ɓace a lanƙwasar takarda.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani dattijo a Birnin Tudu yana da fili a cikin kanal, yana shirin shinkafar rani. Malamin gona ya rubuta masa da biro cewa girman filin 0.4 ha, kuma a zuba takin kamfa 200 kg/ha. Takardar ta kwana biyu a aljihu, ta sha zufa, an naɗe ta daidai kan ɗigon. Jikansa ya ɗauki hotonta da yamma a zaure, ya tura ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa kaifi kafin ya isa. A wayar ɗan da ke birni abin da ya fito shi ne 04. Ya karanta hekta 4, ya ninka da 200, ya samu kilo 800, ya raba da 50 tunda buhun taki kilo 50 ne, ya rubuto cewa a sayi buhu 16. Babu kuskure ko ɗaya a ninkawarsa da rabawarsa. Amma amsar gaskiya kilo 80 ce, wato buhu ɗaya da ɗan fiye da rabi.

Yaya za a yi ya gane, alhali ba ya gaban takardar? Yana da hanya tun kafin ya nemi wani hoto, domin ya san gonar. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo da mita 100 a faɗi, murabba'in mita 10,000 ke nan. Hekta 4 kuwa mita 200 ne ta kowane gefe. Takun babban mutum, idan yana tafiya ba gaggawa, wajen kashi uku cikin huɗu na mita ne, don haka gefe ɗaya na irin wannan fili zai ci taku kusan 270. Ya rufe ido ya tuna lokacin da yake kai wa ma'aikata fura: daga bakin kanal zuwa ƙarshen gonar, taku 270 yake yi? Idan yana iya tsayawa a wannan kunya ya yi magana da wanda ke waccan ba tare da ya ɗaga murya sosai ba, to gonar ba ta kai hekta 4 ba, ko kusa.

Idan tunaninsa bai ba shi ba, sai ya sa ƙaninsa ya je ya taka. A ce an samu taku 100 a tsawo, 70 a faɗi. Taku 100 mita 75 ne, taku 70 kuma mita 52 da ɗoriya. Ba sai an nemi kalkuleta ba: 75 sau 50 ya ba da 3,750, a ƙara ɗan abin da aka yar, a ce 4,000. Murabba'in mita 4,000 cikin 10,000 shi ne 0.4. Ɗigon da zufa ta cinye ya dawo ke nan, ƙafa ce ta dawo da shi. Wanda yake son takunsa ya zama abin dogaro, ya ari tef ɗin magini sau ɗaya, ya yi taku goma ya auna, ya riƙe wannan adadi har abada. Filayen cikin kanal galibi masu kusurwa huɗu ne, abin da ya sa wannan awon yake da sauƙi a wurinmu. Idan kuwa gonar ta tsuke a gefe ɗaya, a taka faɗin ta tsakiya.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan sauri, ita ce kiran waya. Ya ce, "Baba, bara buhu nawa na shanshera kuka ɗauka a gonar nan?" Dattijo zai ce masa, "Ashirin muka samu, har da na zakka a ciki." Sai ya ƙara da, "Taki fa, nawa kuke zubawa?" Ya ce, "Kamfa biyu, yuriya ɗaya, in Allah ya hore." Magana ta ƙare. Gonar da ke cin buhu biyu shekara da shekaru ba za ta wayi gari tana neman 16 ba. Kuma buhu 20 a hekta 4 yana nufin buhu biyar a kowace hekta, wanda babu manomin rani da zai biya kuɗin ruwa da na dashe da na yanka ya koma wa irin wannan gona. A 0.4 kuwa, buhu 20 ya zama kwatankwacin buhu 50 a hekta, abin da manomin Bakolori zai ji ya gyaɗa kai.

A nan nake son in ɗan tsaya, don akwai wata ɗabi'a da ta shiga tsakaninmu wadda ba na jin daɗinta. Yaro ya yi boko, sai ya ɗauka abin da ke rubuce ya fi abin da mahaifinsa ya sani, shi ma mahaifin sai ya ji nauyin musa wa ɗan da ya kashe kuɗi ya ilimantar. Alhali kintacen dattijon nan ilimi ne da aka tara a kaka talatin ko arba'in. Ya ɗaga buhu ya ce maka bai cika ba, a ɗora a sikeli a tarar da gaskiyarsa. Irin wannan sani shi ya kamata ya zama alƙalin amsar da ta fito daga waya. Shi ya sa nake ganin tambayar ta fi amfani idan an yi ta kafin a taɓa kalkuleta. Ka fara jin abin da ake tsammani, buhu biyu ko uku, ka riƙe shi a ka, sannan ka yi lissafi. Wanda ya fara ganin 16 a allon waya, zuciyarsa takan shiga neman dalilin da zai sa 16 ta zama daidai.

Ɓacewar ɗigo kuskure ne mai ihu, ninki goma ne, kowa zai iya kama shi in ya kula. Wanda ya fi shi wayo shi ne na ma'auni. Yanzu matasa da yawa suna auna gona da manhajar waya, su zagaye ta da ƙafa, allon ya nuna girmanta. Gonar nan tamu guda ɗaya za ta iya fitowa da lambobi uku, gwargwadon yadda aka saita manhajar: 4,000 idan m² ne, 0.4 idan ha ne, 0.99 idan ac ne, wato eka. Wani ya ɗauki hoton allon da wata wayar, hasken rana ya haske ƙananan haruffan da ke gefen lambar, ko kuma a yanke hoton daidai wurin. Mai karatu ya ga 0.99, ya ce hekta ɗaya ke nan, ya rubuto buhu huɗu. Buhu huɗu ba ya tayar da hankali kamar 16, ana iya saye a zuba. Amma hekta ɗaya eka biyu da rabi ce, don haka an ninka takin sau biyu da rabi. Kuɗi ya tafi, kuma shinkafar da aka cika wa taki takan yi ganye ta yi tsawo, ta kwanta kafin yanka.

Maganin wannan shi ne a daina rubuta lamba tsirara. Duk lambar da ka kwafo daga hoto, ka kwafo ta da ma'auninta, in kuma ma'aunin bai fito ba, ba ka gama karantawa ba tukuna. Sannan ka bar ma'aunan su yi tafiya tare da lambobin a cikin lissafin. Kilo 200 a kowace hekta, sau hekta 0.4: hekta ta sama ta kashe hekta ta ƙasa, saura kilo. Kilo 80, a raba da kilo 50 a kowane buhu: kilo ya kashe kilo, saura buhu. Idan ka zo ninka kilo a kowace hekta da eka, za ka ga babu abin da ya kashe wani, kuma wannan shi ne gargaɗin cewa sai ka fara juya eka zuwa hekta.

Inda wannan ya fi zama dole shi ne maganin ciyawa, domin a nan kuskure ba ya tsayawa a aljihu. Kwalba zagayayya ce, hoto ɗaya ba ya ɗaukar duk rubutun da ke jikinta. Abin da ke fitowa ɓaro-ɓaro shi ne manyan haruffan gaba, ƙananan da ke faɗin yadda za a haɗa kuwa sun zagaya baya. Ɗauki maganin nan na 2,4-D da ake fesa wa ciyawa mai faɗin ganye a gonar shinkafa. A gaban kwalabe da yawa za ka ga an rubuta 720 g/L. Wannan ƙarfin maganin ne, giram 720 na sinadarin a cikin kowace lita ta ruwan kwalbar, kuma babu ruwansa da yawan abin da za ka zuba a tanki. Amma wanda aka ce wa, "Yaya, duba mana nawa ake sa wa a tanki," ya ga 720 ita ce babbar lamba a hoton, yana iya cewa mililita 720.

Mu bi ma'aunin mu gani. Tambayar da aka yi tana neman mililita a kowane tanki. Giram a kowace lita ba zai taɓa amsa ta ba, ko daga nan ya ci a tsaya. Lambar da ake nema ita ce mai L/ha a gefenta. A ce da aka juya kwalbar aka sake ɗauka, an ga 1.5 L/ha. Saura a san tanki nawa ke gama hekta. Wannan ya danganta da bakin feshin da kuma saurin tafiyar mai feshi, don haka gara a gwada da a ɗauka a ka: a cika tanki da ruwa zalla, a shata fili mita 10 da mita 10, a fesa shi yadda aka saba, a ga ruwa nawa ya tafi. Idan lita 2 ta tafi, hekta za ta ci lita 200, domin irin wannan fili ɗari ne a hekta. Tanki mai lita 20 sau goma ke nan. Lita 1.5 mililita 1,500 ce, a raba wa tanki goma, kowanne ya samu 150, wajen cikin ƙaramin gwangwanin madara ɗaya. Gonar Baba mai 0.4 za ta ci tanki huɗu, mililita 600, kwalba ɗaya ma ba za ta ƙare ba.

Yanzu ka juya lissafin ta baya da waccan amsa ta 720. Tanki huɗu sau 720 ya kusa lita uku, kwalba uku a gonar da ba ta taɓa shanye ɗaya ba. Kusan ninki biyar na abin da aka ce a sa. Shinkafa za ta murɗe ta tsaya, kuma idan iska ta kwashi feshin ta kai wa tumatir ɗin maƙwabci, sai dai a je gaban mai unguwa, don tumatir ba ya jure wannan magani ko kaɗan. Juya lissafi ta baya, daga tanki zuwa yawan kwalaben da za a saya, shi ne gwaji mafi arha da na sani, domin kwalba abu ce da manomi yake ƙirgawa da kuɗinsa. Haka kuma a tambaya ko tankin mai lita 20 ne ko mai 16, don dukansu suna kasuwa, kuma a hoto kamarsu ɗaya. Mai lita 16 mililita 120 zai ɗauka a wannan lissafi.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. A ranar 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal zai je Edmonton, mai ya ƙare masa a sama. Na'urar nuna mai ba ta aiki a ranar, sai aka auna da sanda aka samu lita 7,682 a tankunan. Jirgin yana buƙatar kilo 22,300. Da za a juya lita zuwa kilo sai aka ninka da 1.77, wanda nauyin lita ne a ma'aunin fam, maimakon wajen 0.8 na kilo. Aka ɗauka akwai mai da yawa, aka ƙara kaɗan, jirgi ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake buƙata. Allah ya kiyaye, matuƙan suka sauke shi ba inji a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, ba a rasa rai ba. Abin lura shi ne lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai ya zuba a kanal ya san a saman ruwa yake yawo. Abin da ya fi ruwa rashin nauyi ba zai yi kilo 1.77 a lita ba. Ƙwararru sun duba lissafin sun sake dubawa, ninkawar tana fita daidai, domin ninkawar suke dubawa.

Sai dai kintace yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakarsa ba zai cutu ta wata hanyar. Yana kama ninki goma, yana kama ninki biyu da rabi na eka da hekta. Ba zai raba maka 0.40 da 0.46 ba, ba kuma zai gaya maka ko lambar tsakiya a rasidin kuɗi 1 ce ko 7, ko 3 ce ko 8, tunda duka biyun suna iya yiwuwa. A wurin taki wannan ɗan bambanci ba wani abu ba ne. A wurin kuɗin hayar gona, ko kuɗin ruwa, ko bashin da za a biya da shinkafa, shi ne abin da ke raba zumunci. A nan babu wata dabara sai a koma ga asali. A shimfiɗa takardar a ƙasa mai laushi, a inuwa da rana tsaka, a riƙe wayar daidai samanta, a ɗauko shafin duka har da kan jadawalin inda ake rubuta ma'auni, a tura shi ta Document don kada a matse shi. Sannan wanda ke riƙe da takardar ya karanto lambar da baki. In rasidi ne, a haɗa layukan a ga ko sun ba da jimillar da ke ƙasa, domin jimilla shaida ce a kan kowane layi.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a koya musu nauyin lambar da aka rubuta a kan gona. Da aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, aka karɓi gonaki aka daidaita su aka sake rabawa, rikicin awo da na diyya ne ya kai ga abin da ya faru a Birnin Tudu a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Har yau akwai gidajen da ba su manta ba. Jikokin waɗannan manoma su ne yanzu suke riƙe da wayoyi, kuma haƙƙinsu ne su iya duban lamba a takardar hukuma ko ta ɗan kasuwa su ce wannan ba ta yi daidai da ƙasar da muke takawa ba.

Ita kanta madatsar darasi ce da malaman lissafi na Mafara da Bakura da Maradun suke da shi a ƙofar gida. An gina ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tafkin kuma ya mamaye wajen hekta 8,000. A ba ɗalibai waɗannan lambobi biyu a ce su gwada su da juna. Hekta 8,000 murabba'in mita miliyan 80 ce. A raba 450 da 80, a samu zurfin mita biyar da rabi da ɗoriya a matsakaici, abin da ɗan masunci zai ce haka ne. Sai a ce musu wani ya kwafo daga hoton allo ya rubuta lita miliyan 450. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, don haka zurfin zai koma wajen rabin santimita, ruwan da ba zai rufe tafin ƙafa ba. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya zai daɗe bai bar lamba ba ma'auni ba. A jarrabawar aji ma, ina ganin ya dace a ware maki ga ɗalibin da ya rubuta a ƙasan amsarsa dalilin da ya sa take iya yiwuwa.

Roƙona na ƙarshe ga masu rubuta takardun ne, malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da masu shagunan taki da magani. Ku sani takardar da kuka rubuta a hoto za a karanta ta, a wata waya mai fasasshen gilashi, a wani gari. Ku danna ɗigo ya fito sosai, ku sa sifili a gabansa, ku rubuta hekta ko eka da cikakkun haruffa. A ƙasan lambar kuma ku ƙara layi ɗaya da Hausa, da boko ko da ajami, kamar yadda ake rubuta kuɗi da kalmomi a cakin banki: gonar ba ta kai rabin hekta ba, buhu biyu na kamfa ya isa, wajen cikin gwangwanin madara ɗaya a kowane tanki mai lita 20. Ku kuma 'yan'uwana da ake tura wa hoto, kafin ku mayar da amsa ku kira gida ku tambayi abin da aka zuba bara.